Darasi: Ladabin Neman Aro da Rance da 'Yar Alfarma

Babu wani magidanci ko uwargida, komai wadatar da Allah ya hore masa, da zai shekara bai buɗe baki ya nemi wani abu a hannun ɗan'uwansa ba, ko tsani ne na gyaran rufi, ko rariyar tankaɗe, ko kuɗin mota na kwana biyu kafin albashi ya shigo. Abin da ya sa ke nan Hausawa suka ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Wannan darasi ba ya magana a kan babban bashi irin na banki, wanda ake kafa jingina a sa hannu a takarda. Maganarsa a kan ƙananan buƙatu ce, irin waɗanda ake nema a tsaye a bakin ƙofa ko a zaune a kan bencin shago, waɗanda sau da yawa su ne ke ɗaure zumunci, su ne kuma ke tsinka shi idan ba a iya bakinsu ba.

Duk mai roƙo yana ɗora wa wanda ya roƙa kaya biyu a lokaci guda. Na farko shi ne abin da ake nema, na biyu kuwa, wanda ya fi nauyi, shi ne kunyar hanawa. Wasu masana harshe biyu, Penelope Brown da Stephen Levinson, sun yi littafi a 1987 inda suka nuna cewa al'ummomin duniya, duk da bambancin harsunansu, kowacce tana da dabarun da take sassauta roƙo da su domin kada mutuncin mai nema ko na wanda aka nema ya zube. Sai dai kowane harshe da wurin da yake ajiye nasa sassaucin, kuma wanda ya ɗauki na wani harshe ya kai wani ba tare da lura ba, yana iya zama marar ladabi alhali ladabi ya nufa.

Aro, rance, da "sam mini"

Kafin ɗalibi ya koyi tausasa lafazi, wajibi ne ya san sunan abin da yake nema, domin Hausa ta raba buƙatun nan gida uku, kuma kowane gida da hukuncinsa. Aro shi ne ka karɓi abu ka yi amfani da shi ka mayar da shi bi'aininsa, wato shi ɗin dai ba waninsa ba, kamar keke, ko gatari, ko tabarmar taron suna. Rance shi ne ka karɓi abin da amfani da shi ke cinye shi, kamar kuɗi ko tiyar gero, ka biya da misalinsa. Na ukun kuwa shi ne wanda ake cewa "sam mini", kamar gishiri ko garwashin wuta ko ɗan kanwa, wanda kowa ya san kyauta ce, ba a jiran dawowarsa, wanda ma ya mayar da shi sai a ga kamar ya raina zumunci. Malaman fiƙihu sun yi irin wannan rabon, suna kiran na farko ariya, na biyu ƙardi ko salaf, na uku hiba. A cikin Suratul Ma'un Allah ya zargi masu hana ƙananan kayan amfani, kuma an ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'udu cewa abin da ake nufi ya haɗa da irin su tukunya da guga da gatari, waɗanda maƙwabta ke ara wa juna.

Wannan rabo ba ƙawa ce ta nahawu ba, domin a ranar da abu ya ɓata shi ake komawa a duba. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda yake a Risala ta Ibn Abi Zaid, mai aro yana lamunin abin da ake iya ɓoyewa, irin su tufafi da kayan ado, idan ya ce ya ɓata, sai fa in ya kawo shaida cewa ba da sakacinsa ba ne. Amma abin da ba ya ɓoyuwa, kamar dabba, ba ya lamuninsa sai in ya ƙetare iyaka. Saboda haka matar da ta ari sarƙa domin biki, ta dawo ta ce ta faɗi a wurin kamu, ba ta fita da faɗar haka kurum ba. Rance kuwa da zarar ya shiga hannunka ya zama naka, ya kuma zama bashi a wuyanka, ko an sace kuɗin tun kafin ka isa gida. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ya nemi sulkuna a wurin Safwanu ɗan Umayya domin yaƙin Hunaini a shekara ta 8 bayan Hijira, Safwanu, wanda a lokacin bai musulunta ba, ya tambaya ko ƙwace ne, sai aka bayyana masa cewa aro ne mai lamuni. Abin lura a nan shi ne an faɗi sunan abin tun kafin kayan su bar hannun mai su.

Galibin rigimar da ake yi a unguwa kan kuɗi kaɗan daga nan take tasowa. Mutum ya ce, "Taimaka mini da dubu biyu," mai bayarwa ya ji rance, mai karɓa ya nufi kyauta, kunya ta hana kowannensu tantancewa, sai bayan wata biyu a ga gaisuwa ta fara gajarta, ba wanda zai iya cewa ga dalili. Kalmar "taimaka" tana da daɗin ji, amma ba ta faɗi ko za a biya ba.

Inda Bahaushe yake ajiye sassaucinsa

Mafi yawan sassaucin Bahaushe yana zuwa ne kafin a ambaci buƙatar. Sai an yi sallama, an tambayi kwana da gajiya da iyali da kasuwa, an ɗan yi shiru, sa'an nan mai buƙata ya ce, "Wurinka na zo." Mai gida ya ce, "To, lafiya dai?" ya amsa, "Lafiya lau, sai alheri." Wannan tsawon gaisuwa yana da aiki biyu waɗanda ba kowa ke lura da su ba. Yana nuna cewa ka zo wurin mutum ne, ba wurin aljihunsa ba. Kuma yana ba ka damar auna halin da yake ciki, domin idan ka tambayi iyali ya ce maka ƙaramin yaron yana asibiti tun shekaranjiya, to hankali ya nuna ka yi jaje, ka haɗiye buƙatarka, ka tashi. Shi ma mai gida, idan ya hango abin da ke tafe da kai kuma ba shi da hali, a cikin gaisuwar nan yake shigo da kukan kasuwa, don ka gane ba sai ya furta ba.

In an zo ga buƙatar kanta, akwai 'yan ƙananan kalmomi da suke ɗauke mata kaifi. "Ara mini gatari" umarni ne, ya dace tsakanin sa'o'i ko daga babba zuwa ƙarami. "Ka ara mini" ya fi shi laushi. In ka sa "ɗan", ka ce "ka ɗan ara mini", ka ƙanƙanta abin, ka nuna ba zai daɗe ba. In ka fara da "ko", ka ce "ko za ka ɗan ara mini", ka mai da shi tambaya wadda ake iya amsawa da i ko a'a. In ka ƙara "in da hali" ko "in ba za ka yi amfani da shi yau ba", to ka miƙa masa uzurin da zai fake da shi da hannunka. Idan kuwa da babba ake magana, Bahaushe yakan kauce wa "ka" da "ki" ɗungum, ya ce, "Allah ya gafarta Malam, da a ce za a taimaka a ɗan duba mini takardar nan," ko "Ranka ya daɗe, alfarma nake nema," kamar dai ba shi ake wa magana kai tsaye ba. Mata a cikin gida suna da tasu hanyar, wato aiken yaro, wanda zai tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Wai in ji Umma, wai tana gaishe ki, wai in ba a daka a ara mata turmi." In aka hana, ba a hana a gaban ido ba, kuma gobe matan biyu za su haɗu a gidan suna ba tare da wani nauyi ba. Haka kuma wanda yake da kunya tsakaninsa da mutum, kamar suruki, ba ya zuwa da kansa, sai ya tura amini.

Akwai wani wuri guda da nake so ɗalibai su tsaya su yi tunani a kansa, shi ne ambaton sunan Allah. "Don Allah" ta yawaita a bakinmu har ta zama ita ce kalmar ladabi ta yau da kullum, ba mai jin nauyinta in an ce "don Allah miƙo mini buta". Amma tana da 'yan'uwa masu nauyi, irin su "don girman Allah", da "na haɗa ka da Allah", da "ka dubi Allah ka dubi zumunci". Waɗannan ba sassauci ba ne, ɗauri ne. Ya zo a hadisi cewa wanda ya roƙa da sunan Allah a ba shi, don haka mai tsoron Allah idan aka haɗa shi da wannan suna sai ya rasa mafita, ya bayar da abin da watakila kuɗin cefanen gidansa ne, zuciyarsa ba ta so. A ganina bai kamata mutum ya kashe irin wannan lafazi a kan kuɗin man babur ba. A ajiye shi sai ranar da wuya ta kai wuya.

Misali: tela da mai kanti

Bari mu bi wata buƙata daga farkonta zuwa ƙarshenta. Wani tela ya karɓi ɗinkin anko, ranar Litinin zare da shafi suka ƙare masa, yana buƙatar naira 8,000, masu kayan kuwa sai Alhamis za su zo su biya cikon kuɗin ɗinki. Maƙwabcin shagonsa mai kanti ne, ya girme shi, ya kuma yi aikin hajji. Telan bai je da sassafe ba, don 'yan kasuwa da yawa ba sa son a fara musu yini da fitar da kuɗi kafin su yi ciniki; bai kuma je lokacin da masu saye suka cika kantin ba, domin roƙo a gaban jama'a yana tilasta wa mutum ya bayar don gudun a ce ya yi rowa. Sai da aka sauko daga sallar Azahar, kanti ya yi sauƙi, ya je ya yi sallama.

Bayan sun gaisa sai ya ce, "Alhaji, wurinka na zo, in ba ka cikin wani aiki."

"Bismilla, Malam, zauna mana. Lafiya dai?"

"Lafiya lau. Wata 'yar matsala ce ta taso mini. Ankon nan da ka ga ina ta fama da shi, zare da shafi ne suka yanke mini, masu kayan kuwa sai Alhamis. Shi ne na ce ko da hali ka ranta mini dubu takwas, in Allah ya kai mu Alhamis bayan La'asar in kawo maka. In kuma kuɗin kaya ne a hannunka, wallahi ba komai, ka faɗa mini kurum."

Alhaji ya yi ɗan shiru, ya ce, "Gobe mai kawo mini sukari zai zo. Amma biyar ba za ta gagara ba. Za ta yi maka?"

"Za ta rage hanya ƙwarai, Alhaji. Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi. Dubu biyar ke nan, Alhamis bayan La'asar."

A duba abin da telan ya tausasa da abin da ya bari a tsaye. Ya tausasa shigarsa, ya kira buƙatarsa 'yar matsala, ya sa "ko" da "da hali", ya kuma buɗe wa Alhaji ƙofar fita da kansa. Amma abubuwa uku bai lulluɓe su ba ko kaɗan: ya ce "ranta", ba "taimaka" ba, ya faɗi adadi, bai ce "ɗan wani abu" ba, ya yanke rana da lokaci, bai ce "kwanan nan" ko "in abubuwa sun daidaita" ba. Ya kuma nuna inda kuɗin biya zai fito, wanda shi ne ya fi kwantar wa mai ba da rance hankali fiye da rantsuwa goma. Dalilinsa jimla ɗaya ce. Da ya tsawaita, ya shiga labarin kuɗin haya da na makarantar yara, da Alhaji ya fara shakkar ko Alhamis ɗin za ta tabbata. Da aka rage masa zuwa 5,000 bai yi ciniki ba, domin rance ba saye da sayarwa ba ne, sai ya maimaita sabon adadin da bakinsa don kada a samu saɓanin ji.

Ayar da ta fi kowace aya tsawo a cikin Alƙur'ani, wato ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi ta sauka, tana umartar muminai su rubuta shi zuwa ajalinsa ambatacce, kuma kada su ƙosa da rubutawa ko ƙarami ne ko babba. Mafi yawan malamai sun ɗauki umarnin a matsayin shiryarwa da mustahabbi, ba farilla ba, amma hikimarsa a fili take. Mu a nan mutane suna jin kunyar cewa "mu rubuta", don kada a ce ba su yarda da juna ba. Maganin wannan kunya shi ne mai karɓa ya fara, ya ce, "Alhaji, sa shi a littafinka, rai ba a hannunmu yake ba." In daga bakinsa ta fito, ba ta zama zargi ba. Ɗalibin da ya kai wannan darasi ya riga ya iya rubuta suna da adadi da kwanan wata, layi ɗaya kuma ya wadatar.

To, in Alhamis ta zo masu anko ba su zo ba fa? Nan ne ake gane mutum. Telan da ya san abin da yake yi zai je tun kafin La'asar, ya ce, "Alhaji, ban manta ba, mutanen nan sun ɗaga zuwa Asabar, ga dubu biyu da na samu, saura uku sai Asabar da yamma." Wanda bai sani ba sai ya fara sauya hanya, yana bi ta bayan layi don kada su haɗa ido, alhali ɓuyan ya fi jinkirin ɓata wa mai kuɗi rai. Shari'a ta raba tsakanin waɗannan biyu: aya ta 280 a wannan sura ta ce a saurara wa wanda yake cikin ƙunci har ya samu sauƙi, hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito kuma ya kira jinkirin mai hali zalunci. Wani abu kuma da za a kiyaye: da Alhaji ya ce zai ba da rancen bisa sharaɗin a ɗinka wa 'ya'yansa kayan salla kyauta, da ya zama rancen da ya jawo amfani, wanda malamai suka lissafa cikin riba. Kyautatawa wajen biya ba tare da sharaɗi ba ita ce aka yaba, kamar yadda Annabi ya ranci ɗan raƙumi ya biya da wanda ya fi shi.

Ita ma hanawa tana da nata lafazin, kuma mai roƙo sai ya koyi jin ta. Da wuya Bahaushe ya ce "ba zan ba ka ba". Zai ce, "Kash, da jiya ka zo," ko "Bari mu ga abin da Allah zai yi," ko "Zan neme ka." Sau da yawa waɗannan a'a ce cikin sutura, wanda ya dawo washegari yana cewa ya zo jin abin da Allah ya yi, ya tilasta wa mutumin ya tuɓe suturar. Wani kuma zai ciro 1,000 ya ce, "Riƙe wannan ka sha ruwa, ba rance ba ne," ma'ana ya fanshi kansa daga sauran. Amsar da ta dace ita ce godiya da addu'a, kamar an ba ka duka.

In an fita daga Hausa

Yawancin ɗalibanmu suna cuɗanya da waɗanda ba Hausa suke ji ba, a kasuwa ko a ofis ko a hanyar Makka, saboda haka ya kyautu su san inda sauran harsuna suke ajiye nasu ladabin. Turancin Ingilishi shi ne ya fi nisa da mu. Gaisuwarsa gajera ce ƙwarai, har ma Baturen da aka daɗe ana tambayarsa iyali da gajiya yakan fara tsarguwa, yana jiran jin abin da ake kewaye-kewaye a kansa. Nasa sassaucin a cikin ginin jimlar yake. Ba ya cewa a ba shi, sai ya tambaya ko za ka iya, ko kuwa ko zai dame ka in ka yi. Kuma yakan mayar da aikatau zuwa sigar abin da ya wuce, ya ce abin da ma'anarsa ita ce "na kasance ina tunanin ko za ka iya", domin ya nisanta buƙatar daga kansa, kamar wani tunani ne da ya taɓa gilmawa. Kuskuren da namu suka fi yi shi ne su ɗauka kalmar nan ta "filis" daidai take da "don Allah", su liƙa ta a gaban umarni su ga sun gama ladabi. A kunnen mai harshen, umarni da wannan kalma a gabansa yana nan umarni, wani lokaci ma sai ya ji kamar gajiya ce da ƙosawa. Wanda zai nemi izinin fita da wuri a wurin shugabansa na aiki da Turanci, ya gaisa a taƙaice, ya nemi afuwar katse shi, ya yi tambayar ko zai yiwu, ya faɗi dalili cikin jimla ɗaya. Wani bambancin kuma shi ne Turanci bai raba aro da rance ba, kalma ɗaya ce ga keke da kuɗi. Abin da ya raba shi ne mai bayarwa da mai karɓa, kowa da nasa aikatau, don haka in za ka ranci kuɗi da Turanci ranar biyan da ka ambata ita ce ke ɗauke da dukan alkawarin.

Faransanci, wanda 'yan'uwanmu na Maradi da Damagaram da Yamai suke haɗuwa da shi a ofisoshi, ya yi tarayya da Ingilishi wajen mai da roƙo tambaya cikin sigar sharaɗi, amma ya ƙara abu guda: yana da lamiri na tilo da ake wa aboki da yaro, da lamiri na jam'i da ake wa baƙo da babba ko da shi kaɗai ne. Wanda ya yi wa ma'aikacin da bai sani ba lamirin tilo ya ɓata roƙonsa tun daga kalmar farko. Yarbanci ma haka yake, har ya fi tsanantawa, domin ba a yi wa wanda ya girme ka lamirin tilo, ko da tazarar ba ta da yawa. Bayarabe zai ce "e jowo", da lamirin girmamawa a gaba, sau da yawa kuma ya fara da "e ma binu", wato kada ku yi fushi, kamar yadda mu muke cewa "yi haƙuri" kafin mu dami mutum; jiki ma yana nasa aikin, namiji ya rusuna ko ya kwanta, mace ta durƙusa. Bahaushen da ya saba ce wa mahaifinsa "ka" ba tare da wani laifi ba, shi ya fi kowa saurin faɗawa wannan rami in ya fara koyon Yarbanci a Sabo ta Ibadan ko a Agege.

Larabci kuwa ya fi kusa da mu, tun da daga gare shi muka ɗebo da yawa daga kalmominmu na ladabi. Balarabe yana cewa "min fadlika", wato daga falalarka, ko "lau samahta", wato in ka yarda, a maganar yau da kullum kuma yakan fara da "mumkin", ko zai yiwu, sa'an nan ya rufe da addu'a. Hausawan Sudan sun saba da "alek Allah", wadda take aiki a can kusan yadda "don Allah" take yi a nan. Fulanin Adamawa suna da "useni". Duk wanda ya riƙe ko da kalma ɗaya irin wannan daga harshen maƙwabcinsa ya sa ta a farkon roƙonsa, zai ga fuska ta saki tun kafin ya kai ga buƙatar.

Sauran abu guda shi ne saƙon waya, wanda yake yanke gaisuwa da murya da fuska gaba ɗaya, ya bar adadi tsirara. Mai neman rance ta waya gara ya kira, in kuwa dole sai rubutu, to ya yi sallama da gaisuwa da buƙata da ranar biya duk a saƙo ɗaya, kada ya aika "Salamu alaikum" kaɗai ya bar mutum yana zullumi. Wanda kuma aka aiko masa saƙo da sunan wani ɗan'uwa ana neman kuɗi da gaggawa, ya kira ya ji muryarsa kafin ya tura, domin 'yan damfara suna ƙwace lambobin mutane su roƙi abokansu, kuma alamarsu ita ce gaggawa, da ƙin ɗaukar kira, da lambar asusu mai wani suna dabam.

Aikin aji

Ɗalibai su zauna biyu-biyu. Ɗaya ya nemi rancen naira 3,000 a wurin yayansa har zuwa ranar kasuwa, ɗayan ya hana shi ba tare da ya ce a'a ba, sauran aji su faɗi kalmar da suka gane hanawar da ita. Sa'an nan a sake wannan buƙata, amma a wurin limamin unguwa, a lura da abin da ya sauya a lamiri da laƙabi. Mata su gwada saƙon da za su ba yaro na aron tukunyar biki, a tabbata ranar mayarwa tana ciki. Duk wanda yake jin wani harshe ban da Hausa, ya faɗa wa aji yadda ake wannan roƙo a cikinsa, da abin da ake ɗauka rashin kunya ne a can. Daga ƙarshe kowa ya rubuta a littafinsa layi ɗaya na rancen telan nan, da wanda ya bayar, da wanda ya karɓa, da adadin da aka tsaya a kansa, da ranar biya, ya kawo wa malami ya duba.